Gyaran Hoto: Ina Iyakar Gaskiya?

A watan Agustan 2006, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fitar da hoton hayaƙi yana turnuƙe birnin Beirut bayan harin Isra'ila. Masu lura suka ga curin hayaƙi iri ɗaya ya maimaitu a wurare da dama. Ashe mai ɗaukar hoton, Adnan Hajj, kwafo hayaƙin ya yi ya liƙa don ya ƙara yawa. Reuters ta sallame shi, ta janye hotunansa 920.

Shi ma Paul Hansen, ɗan ƙasar Suwidin, ya sha zargi a 2013 bayan hotonsa na jana'izar yara biyu a Gaza ya ci gasar World Press Photo. An ce hasken fuskokin ya yi kyau fiye da kima. Masana suka ɗauko asalin fayil ɗin kamara suka gwada shi da wanda aka buga. Sun tarar an taɓa haske da launi, amma kowane mutum yana inda yake, ba ƙari ba ragi. Aka bar masa kyautarsa.

Ma'aunin ke nan: shin gyaran ya fito da abin da kamara ta riga ta ɗauka ne, ko ya sako wanda ba ta taɓa gani ba?

Tambayar ta fi tsauri wajen ƙara girman hoto. A ce kamarar tsaro ta kama fuskar ɓarawo daga nesa, ɗigo 20 a tsaye, 20 a kwance, jimilla 400. In aka ninka kowane ɓangare sau huɗu, ɗigon ya koma 6,400, alhali bayanin da kamara ta kama bai wuce na 400 ɗin nan ba. Tsohuwar hanya takan cike giɓin da matsakaicin launin maƙwabta, hoton ya fito dishi-dishi. Manhajar ƙirƙirarriyar basira kuwa sai ta zana ido da hanci daga fuskokin da ta koya. Fuskar ta fito tangaran, amma tana iya zama ta wani daban. A Maris 2024, wani alƙali a jihar Washington ta Amurka ya ƙi karɓar bidiyon waya da aka gyara ta wannan hanya a shari'ar kisan mutum uku.

Saboda haka masu binciken hoto suke neman asalin fayil, da jerin matakan gyaran da aka bi, yadda wani masani zai maimaita su ya sami sakamako ɗaya.

Hoton fasfo da na katin ɗan ƙasa ma haka ne. Ana iya daidaita haske, amma kwalliyar da waya ke yi, wadda ke goge tabo da tsagar gado ko ta rage faɗin haɓa, tana sauya abubuwan da jami'i da na'ura ke gwadawa da fuskar mai shi a filin jirgi.