Wasiƙar rage ma'aikata: a faɗi gaskiya, a kare mutunci

A ranar 5 ga Mayu, 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye a duniya, Brian Chesky, shugaban kamfanin Airbnb na Amurka mai haɗa matafiya da masu ba da hayar masauki, ya aika wa ma'aikatansa wasiƙar da babu mai son ganin irinta. Har yau ana kafa misali da ita idan ana maganar yadda ake sanar da sallama.

Chesky bai yi ta kewaye-kewaye ba. Ya ce kuɗin shigar kamfanin a shekarar ba zai kai rabin na 2019 ba, don haka za a sallami kusan mutum 1,900 daga cikin 7,500, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Ya ambaci sassan da za a dakatar ko a rage, domin kowa ya gane cewa aikin ne ya ƙare, ba mutumin ne ya gaza ba.

Daga nan ya amsa tambayar da ke ran duk mai iyali: da me zan tafi? Ma'aikatan Amurka za su karɓi albashin mako 14, da ƙarin na mako guda a kan kowace shekarar da suka yi suna aiki, da inshorar lafiya ta wata 12. Kowa kuma zai riƙe kwamfutar da yake aiki da ita don neman wani aikin. Ya kuma bayyana cewa a Amurka da Kanada, wanda abin ya shafa zai sami gayyatar ganawa da wani babban jami'in sashensa cikin 'yan sa'o'i. Wannan ya rage zaman zullumi, wanda sau da yawa ya fi labarin kansa ciwo. A ƙarshe ya gaya wa masu tafiya cewa ba laifinsu ba ne, ya yi musu godiya.

Ana gane wasiƙar da ta kauce hanya daga kalmominta. Za ka ga “sake fasalin kamfani” ko “daidaita al'amura”, ka karanta har ƙasa ba ka san ko gobe kana da aiki ba. Wata kuma ta cika da kukan shugaba kan yadda abin ya dame shi, alhali ba shi ne zai koma gida hannu rabbana ba.

Don haka, mai rubuta irin wannan wasiƙa ya tabbata ta faɗi mutum nawa ne, me ya jawo, yaushe, kuma wane haƙƙi za a biya. Tausayin da ba ya tare da waɗannan amsoshi, daɗin baki ne kawai.