Lasifikar laftof ta yi shiru ko tana ƙarƙara: manhaja ce ko kayan ciki?

Yawancin laftof ɗin da ke hannun matasan cikin birnin Kano, daga Mandawari zuwa Ƙofar Wambai, na hannu ne da aka shigo da su daga ƙasashen waje: HP, Dell ko Lenovo da suka riga suka sha aiki. Idan sautinsu ya ɗauke ko ya fara ƙarƙara, maganar da aka fi ji ita ce "a yi mata fomatin" ko "a canja lasifika". Fomatin na iya cinye kundin binciken ɗalibi, canjin lasifika kuma kuɗi ne, sau da yawa kuma ba a gwada komai ba kafin a yanke hukuncin.

Sauti na bin hanya ɗaya ne. Windows na miƙa shi ga wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, galibi ta kamfanin Realtek, ita kuma ta miƙa shi ga na'urar sauti da ke kan babban allon cikin kwamfuta. Daga nan hanyar ta rabu biyu: reshe ɗaya zuwa lasifika, ɗaya zuwa ramin iyafis. Wannan rabuwar ce ke ba da gwaji mafi sauƙi.

Ɗauki misalin HP EliteBook 840 da ke ƙarƙara duk lokacin da aka kunna shirin siyasa na rediyo. Soka iyafis mai waya, ka sake kunna shirin. Kada ka yi amfani da na Bluetooth ko na USB, domin su suna da tasu na'urar sautin, ba sa bi ta cikin wadda ake zargi. Idan murya ta fito tas a kunne, direba da na'urar sauti sun kusa kuɓuta, zargi ya koma kan lasifika. Sai ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta:

```
mmsys.cpl
```

Ka zaɓi Speakers, sannan Properties, Levels, Balance. Rage hagu zuwa 0 ka saurara, sannan ka yi wa dama haka. Idan gefe ɗaya ne kawai ke ƙarƙara, kuma abin na ƙaruwa idan aka ƙure sauti ko aka yi murya mai kauri, fatar lasifikar ce ta yage ko wani abu ya maƙale mata. Akwai maganaɗisu a cikinta, yana jan ɓurɓushin ƙarfe, wanda duk mai zama kusa da maƙera ko masu walda ya san yawansa. Ƙurar hunturu kuma ta ƙara nata. Babu direban da zai ɗinke yagaggiyar fata, sai dai a canja lasifikar.

Idan kuwa ƙarƙarar ta biyo ka har cikin iyafis, a kunnuwa biyu, tana zuwa tana tafiya musamman idan an buɗe shafuka da yawa, manhaja za a fara tuhuma. Amma kafin nan zare caja. Ƙugin da ke ɗaukewa da zarar kwamfuta ta koma kan batir daga jabun caja yake, ko daga wutar janareta. In bai ɗauke ba, buɗe `devmgmt.msc`, ka nemo na'urar a ƙarƙashin Sound, video and game controllers. Idan matsalar ta fara ne bayan sabunta Windows, shiga Properties, sannan Driver, ka danna Roll Back Driver. In maɓallin ya dusashe, sauko da direban daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, da ainihin lambar samfurinta.

Shiru gaba ɗaya ya fi ruɗarwa. Wani lokaci Windows na tura sautin ne zuwa talabijin da aka taɓa haɗawa ta HDMI. Wani lokaci kuma ƙura ce ta toshe ramin iyafis, kwamfuta ta ɗauka har yanzu akwai abu a soke, ta rufe lasifika. Abin da ke raba gardama shi ne gwaji a wajen Windows. A yawancin HP, danna Esc yayin kunnawa, sannan F2, ka shiga Component Tests ka zaɓi Audio. Idan lasifika ta yi ƙara a nan, lafiyarta ƙalau, laifin na manhaja ne. Ana iya yin haka da Ubuntu a kan filashi, sai dai shirun Ubuntu ba hujja ba ne, domin akwai sababbin laftof da ba ta iya tayar da lasifikarsu.

Idan babu sauti a lasifika, babu a iyafis, babu kuma a gwajin F2, matsalar ta kai babban allo, aikin ya zama na masu gyara a titin Beirut ko Farm Centre. Kwashe fayilolinka kafin ka fita, ka faɗa wa mai gyara gwaje-gwajen da ka yi, kuma ka nemi ya jona wata lasifika a gabanka kafin a yi ciniki.