Rubutu mai santsi, ciki babu komai: yadda ake gane salon na'ura

Tun da kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT a ƙarshen watan Nuwamba na 2022, malaman makaranta da editocin jarida suka fara cin karo da wani irin rubutu. Nahawunsa daidai yake, jimlolinsa na tafiya sumul, amma idan ka gama karantawa aka tambaye ka me ka ƙaru da shi sai ka rasa abin faɗa. Wannan rubutu yana da ɗabi'u da ake iya ganewa, kuma kowace ɗabi'a tana da dalilinta a yadda aka gina na'urar.

Bari mu ɗauki batun da kowane manomi ya sani, wato ajiyar wake. Ga ɗan sakin layi da na tsara da gangan a kan irin wannan salo:

"A duniyar yau mai saurin canzawa, ajiyar wake na taka muhimmiyar rawa a rayuwar manoma. Bugu da ƙari, tana inganta tattalin arziki, tana bunƙasa wadatar abinci, tana kuma ƙarfafa al'umma. Haka zalika, akwai ƙalubale da dama da ya kamata a lura da su. A taƙaice, ajiyar wake abu ne da ke buƙatar haɗin kan kowa domin samun makoma mai kyau."

Duba "bugu da ƙari" da "haka zalika". Kalmomi ne na Hausa masu kyau, jaridunmu sun daɗe suna amfani da su. Aikin mahaɗi shi ne ya nuna dangantakar jimla da wadda ta gabace ta. "Saboda haka" tana cewa wannan ne ya haifar da wancan, "sai dai" tana gargaɗin cewa magana za ta juya. A sakin layin da ke sama mahaɗan ba su ɗaure komai ba. Musanya jimla ta biyu da ta uku, za ka ga ma'ana ba ta motsa ba. Wannan shi ne gwajin farko, kuma ba ya buƙatar wata manhaja. Idan jimloli za su iya canza wuri ba tare da an yi asarar komai ba, to babu zaren tunani a tsakaninsu, mahaɗan fenti ne a kan bangon da ba a zuba wa siminti ba.

Sai jerin abubuwa uku: tattalin arziki, wadatar abinci, al'umma. Tsawonsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, kunne yana jin daɗinsu. A nan ne nake ganin asirin rubutun ya fi tonuwa, domin wanda ya san abu ba ya auna sassansa daidai wa daida. Tambayi wanda ya taɓa ajiye wake, zai shafe yawancin maganarsa a kan abu guda, ƙwaron da ke huda shi. Zai gaya maka cewa ƙwaron tun daga gona yake biyo waken, kuma cikin 'yan watanni buhu yana iya komawa ramuka da gari. Zai ambaci buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar, aka kuma yaɗa shi a Najeriya da Nijar daga 2007: ledoji biyu a ciki, buhun saƙa a waje, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, ƙwaron ya mutu saboda rashin iska ba tare da an zuba magani ba. Zai ja kunnenka cewa huda ɗaya a leda tana iya ɓata aikin, kuma kada a zuba waken da bai bushe sosai ba. Maganar kasuwa da farashi wataƙila jimla ɗaya zai ba ta. Rashin daidaiton nan shi ne shaidar sani, domin mutumin ya zaɓi abin da ya fi muhimmanci, ya kuma yarda a kama shi idan ya yi kuskure.

Jimlar rufewa ita ce mafi sauƙin gwadawa. Cire "ajiyar wake" ka sa "ilimin 'ya'ya mata" ko "gyaran hanya". Jimlar tana nan daram. Abin da ya dace da kowane batu bai faɗi komai a kan ko ɗaya ba.

Me ya sa na'urar ke haka? Aikinta na asali shi ne hasashen guntun kalmar da zai biyo baya, bisa ɗimbin rubutun da aka horar da ita a kai. Idan ba a ba ta bayani takamaimai ba, tana karkata ga abin da aka fi yawan faɗa, wato tsaka-tsakin maganar dubban marubuta, inda sunan ƙauye da adadin buhu suka narke suka ɓace. Bayan wannan kuma akwai horo na biyu, inda ake ba mutane amsoshi su zaɓi wadda ta fi. Amsar da ta zo a tsare, ta taɓa kowane ɓangare, ta rufe da taƙaitawa, tana da kamar cikakkiya ga mai dubawa cikin hanzari, don haka salon ya samu gindin zama. A Hausa akwai ƙarin matsala. Rubutun Hausa da ke intanet kaɗan ne idan aka kwatanta da na Turanci, shi ya sa sau da yawa za ka ji ƙashin jimlar na Turanci ne. "A duniyar yau mai saurin canzawa" ba buɗe maganar Bahaushe ba ce.

An ma auna abin da alƙaluma. A 2024 Dmitry Kobak na Jami'ar Tübingen ta Jamus da abokan aikinsa sun binciki taƙaitattun bayanan maƙalun kimiyyar lafiya kimanin miliyan 14 da aka wallafa daga 2010. Sun ga wasu kalmomin ado irin su "delves" da "underscores" sun yi tashin gwauron zabi bayan fitowar ChatGPT, suka ƙiyasta cewa aƙalla kashi 10 cikin ɗari na bayanan 2024 sun bi ta hannun irin wannan na'ura.

Sai dai wannan lissafi a kan tarin rubutu yake aiki, ba ya yanke wa mutum ɗaya hukunci, kuma wannan ya dame ni ƙwarai. A watan Afrilun 2024 Paul Graham, sanannen mai zuba jari a harkar fasaha, ya rubuta a dandalin X cewa ganin kalmar "delve" a wani saƙo ya nuna masa na'ura ce ta rubuta. 'Yan Najeriya da yawa suka yi masa ca, domin kalma ce da suka koya a aji suke kuma amfani da ita. Wani bincike na Jami'ar Stanford a 2023 ya gano cewa manhajojin gano rubutun na'ura sun ɗora wa fiye da rabin insha'in masu koyon Turanci da aka gwada tambarin na'ura, alhali mutane ne suka rubuta. OpenAI da kansa ya janye tasa manhajar a watan Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta. Ɗalibin da aka koya wa gabatarwa da hujjoji uku da kammalawa don cin jarrabawar WAEC zai yi rubutu mai kama da wannan da hannunsa.

Malamin da ya ga waɗannan alamu a takardar ɗalibi yana da hanya mafi adalci fiye da zargi. Ya kira shi ya nuna jimlar "akwai ƙalubale da dama", ya ce ya ambaci ɗaya, a ina ya faru, me ya jawo shi. Wanda ya yi aikin da kansa zai kawo ƙwaro da hudajjiyar leda, sai a ce ya koma ya rubuta su a wurin waccan jimla, ya share ta rufewar gaba ɗaya. Wanda bai yi ba zai sake maimaita cewa ƙalubalen suna da yawa, kuma shi ma daga gona ko ɗakin karatu gyaransa zai fara.