Kambas a Hoto: Yadda Ake Gane Jabu Kafin a Tura Kuɗi

A yau sau da yawa a waya ake ƙulla cinikin takalmin kambas. Mai kaya ya ɗora hoto a WhatsApp ko Instagram, ya rantse maka cewa na asali ne, kai kuma ba ka da damar ɗaga takalmin ka ji nauyinsa ko ka shinshina warin gam. Hoton kaɗai ne a hannunka. Yana iya tona asirin jabu sarai, amma sai ka san hoton da za ka nema da inda za ka zuba ido.

Bari mu ɗauki takalmi guda mu bi shi daki-daki: farin Air Force 1 na kamfanin Nike, wanda ya fara fitowa a 1982, kuma yana cikin waɗanda aka fi kwaikwayo a duniya. A ce wani ya turo maka hotonsa, ya ce lamba 44 ne, sabo dal a kwalinsa. Kada ka tsaya kallon kyan takalmin. Ka ce ya turo hoton takardar da ke manne a gefen kwalin, da na 'yar takardar da ke cikin takalmin, a bayan harshe ko a gefen ciki. A ganina nan ne ya kamata a fara, domin ɗinki da zane sai an yi musu hukunci da ido, lamba kuwa ko ta yi daidai ko ba ta yi ba.

Kowane samfurin Nike yana da lambarsa: haruffa ko alƙaluma shida, sai ɗan layi, sai alƙaluma uku. Shidan farko suna nuna samfurin, ukun ƙarshe suna nuna launi. Farin Air Force 1 na maza da ake sayarwa yanzu lambarsa CW2288-111, baƙinsa kuma CW2288-001. Dole abin da ke jikin kwali ya zama shi ne a cikin takalmi, harafi da harafi. Daga nan sai ka rubuta lambar a Google ka ga me zai fito. Idan takalmin da ke hoton fari ne amma lambar ta fito da baƙi, ko ta fito da wani samfuri dabam, magana ta ƙare. Masu jabu mai arha sukan buga takarda iri ɗaya su manna wa launuka da yawa, don ba sa tsammanin wani zai duba.

Sai girman ƙafa. A ma'aunin Nike na maza, EUR 44 yana tafiya ne da US 10 da UK 9 da santimita 28. Takardar da ta haɗa 44 da US 9 ta yi tuntuɓe, domin US 9 abokin 42.5 ne. A cikin takalmin kuma akwai kwanan wata biyu da ke nuna lokacin da aka ƙera shi, an fara da wata, sai rana, sai shekara. Wannan ma yana da amfani: kafin wajajen 2020, lambar farin takalmin nan 315122-111 ce. Saboda haka takardar da ta ɗauki CW2288-111 amma ta ce a 2015 aka yi shi, ta ƙaryata kanta da kanta.

Akwai wani kuskure da ya yaɗu a kasuwa, wai duk takalmin da aka rubuta an yi shi a Caina jabu ne. Ba haka ba ne. Nike na asali ana ƙera shi a Biyetnam da Indonesiya da Caina. Gaskiya ne garin Putian da ke lardin Fujian ya yi ƙaurin suna wajen jabun kambas, amma mai jabu yana iya buga sunan kowace ƙasa a takarda. Abin lura shi ne ƙasar da kwali ya ambata ta zama ita ce a cikin takalmi.

Idan takardu sun tsallake, sai a koma ɗinki. A nan hoto daga nesa ba ya amfani. Ka nemi na kusa, a hasken rana. Ka buɗe hoton takalmin a shafin kamfanin, ka jera su biyu. Fara da alamar nan mai kama da lauje da ke gefe. A na asali zaren yana bin bakinta da tazara ɗaya tun daga tumbinta har wutsiya, kowane taku tsawonsa daidai da na kusa da shi. A jabu za ka ga zaren ya matso baki a wani wuri, ya ja da baya a wani, musamman a kwana, inda injin ke buƙatar hannu mai natsuwa. Sannan ka nemi hoton bayan takalman biyu a jere. Rubutun NIKE AIR da aka yi wa surfani a dunduniya ya kamata ya zauna a tsakiya, haruffan a cike, ƙafar hagu da ta dama tsayi ɗaya. Ƙananan hujojin da ke saman yatsu kuma su zama a jere, an huda su tsaf, ba tare da ɓurɓushin fata a bakinsu ba.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Takalmin asali ma daga masana'anta ya fito, ana yin dubbai a rana, kuma akan samu ɗigon gam ko zare ɗaya da ya leƙo. Aibi guda ba ya kayar da takalmi. Abin da ke kayar da shi shi ne a ga karkacewar ta maimaitu a wurare uku ko huɗu.

Tafin takalmin ya fi wuyar ɓoyewa, domin a cikin mazubi ake zuba robar, kuma mazubi mai kyau yana da tsada. A Air Force 1 akwai da'irori, wata cikin wata, a ƙarƙashin tudun yatsu da ƙarƙashin dunduniya. An yi su ne don ɗan ƙwallon kwando ya juya a kan ƙafa ɗaya. A bakin gaba da bakin baya kuma akwai ƙananan taurari masu yawa. Su nake fara dubawa. A sabon takalmi na asali kowane tauraro yana tsaye da ƙahonninsa, ana iya ƙirga su. A jabu sukan yi lamɓas kamar an taka su tun suna ɗanye, wasu manya wasu ƙanana, wasu sun narke cikin juna. Taurarin nan suna da wani amfani ga mai sayen gwanjo: su ne ke fara cinyewa da tafiya, don haka takalmin da aka ce ba a taɓa sawa ba amma taurarin dunduniyarsa sun shafe, an wanke shi ne kawai.

Duk wannan yana da iyaka, kuma ya kamata mai saye ya san ta. Akwai jabu mai tsada da ke kwafar lamba daidai, ɗinkinsa kuma ba ya jin kunyar hoto. Akwai masu zuba jabu a kwalin asali, shi ya sa takardar cikin takalmi ta fi ta kwali nauyi. Mafi sauƙin yaudara kuwa shi ne a turo maka hoton takalmin asali da aka ɗauko daga intanet, a aiko maka da wani. Maganin wannan shi ne ka ce mai kayan ya rubuta sunanka da kwanan watan ranar a takarda, ya ajiye ta a gefen takalmin da kwalin, ya ɗauke su a hoto ɗaya, lambar kwalin tana karantuwa. Wanda kayan ke hannunsa minti biyu ya ishe shi. Idan ya fara cewa kayan suna sito, ko kyamararsa ta lalace, ka riƙe kuɗinka har sai an kawo takalmin ka gan shi da idonka.