Neman sabon aiki ba tare da oga ya ji ƙishin-ƙishin ba

A ce akanta ce a wani kamfani a Kano, shekara 5 tana kan kujera ɗaya, ta gaji, tana son canjin wuri. Ta buɗe shafinta a LinkedIn, dandalin da aka fara a 2003, wanda Microsoft ya saya a 2016. So take masu ɗaukar ma'aikata su gan ta, amma kada maganar ta kai kunnen ogan da take ƙarƙashinsa.

Kafin ta taɓa ko harafi ɗaya, sai ta shiga Settings & Privacy, ta nufi Visibility, ta kashe Share profile updates with your network. Idan ta bar shi a kunne, sauya muƙami ko wurin aiki na iya zama sanarwa ga duk waɗanda take haɗe da su, har da abokan ofis. Mai gyaran ɗaki da dare ba ya buga ganga.

Daga nan sai layin da ke ƙarƙashin sunanta. Masu ɗaukar ma'aikata ba karanta shafuka suke yi ɗaya bayan ɗaya ba; kalma suke rubutawa, na'ura ta tace musu mutane. Saboda haka "mai ƙwazo da riƙon amana" ba zai fito da ita ba, komai gaskiyarsa. Sunan sana'arta ake bukata, da manhajar da ta iya, kamar Excel ko QuickBooks, da garin da take zaune.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne Open to Work. Zaɓin All LinkedIn members yana zagaye hoton mutum da koren zobe, kowa ya gani, har maƙwabcin teburi. Wanda ya gama bautar ƙasa yana zaune a gida, wannan ya dace da shi. Ita kuwa Recruiters only za ta zaɓa, don masu amfani da LinkedIn Recruiter, wato kayan aikin da kamfanoni ke biya, su ne kaɗai za su ga alamar.

Sai dai labulen ba bango ba ne. LinkedIn yana ƙoƙarin ɓoye alamar ga masu ɗaukar aiki na kamfanin da mutum yake, kuma shi da kansa ya ce bai ba da tabbaci ba. Da sunan kamfanin da ta sa a shafinta yake gane inda take aiki, don haka ta zaɓo shi daga jerin da ke fitowa, tambarinsa ya bayyana. In ta ga babu tambari, to rubutu kawai ta yi, bai haɗu da shafin kamfanin ba. Ko ya haɗu ma, idan oganta yana hulɗa da dillalin ma'aikata na waje, dillalin zai iya gani, baki kuwa ba shi da saiti.

Takardar tarihin aikinta, mai ɗauke da lambar waya da adireshin gida, kada ta liƙa ta a Featured. Ta ajiye ta sai an nema.