Jimlar da Ke Motsi da Jimlar da Ta Daskare

Ma'ajin ƙungiya ko akawun makaranta yakan tashi da jadawalin kuɗi a takarda, an buga shi tun bara, ba wanda ya san inda ainihin fayil ɗin ya shiga. Yanzu abin ya yi sauƙi. A ɗauki hoton takardar da waya, ko a yi mata sikanin, manhaja ta karanta lambobin ta jera su cikin Excel ko Google Sheets. A Excel akwai Data from Picture don hoto, akwai kuma From PDF a ƙarƙashin Get Data don fayil ɗin PDF da rubutunsa ba hoto ba ne. Cikin ɗan lokaci sai ga jadawali ya fito tsaf, har da jimla a ƙasa, mutum ya ce aiki ya ƙare. To, da saura.

Takarda ba ta ɗauke da lissafi, sakamakon lissafi take ɗauke da shi. Wanda ya fara shirya jadawalin ya umarci kwamfuta ta tara wasu lambobi, amma abin da firinta ta fitar shi ne amsar kawai. Saboda haka manhajar da ta karanta takardar ba ta da hanyar sanin cewa 730,500 da ke ƙasa jimla ce. A wurinta lamba ce kamar sauran, sai ta zuba ta a akwati ta wuce. Gobe idan farashin benci ya tashi aka gyara layinsa, jimlar tana nan yadda take, ba ta san an yi canji ba. Kuma ba abin da zai nuna a ido, domin jimlar da aka buga da hannu da wadda fomula ta fitar kamarsu ɗaya a allo. Sai an taɓa akwatin an duba sandar da ke sama: idan abin da ke ciki ya fara da alamar = to fomula ce, idan lamba ce zalla to a daskare take.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. Wata makarantar Islamiyya tana da takardar kuɗin da aka kashe a zango ɗaya, kashi biyu. Kashin farko kayan karatu ne: alli da maka naira 48,500, littattafai 172,000, takardun jarrabawa 63,200, ƙaramar jimla 283,700. Kashi na biyu gine-gine ne: gyaran rufi 215,000, bencina 194,000, ruwa da wuta 37,800, ƙaramar jimla 446,800. Babbar jimla 730,500. Da aka shigar da ita kwamfuta, kuɗaɗen sun zauna a layin tsaye na B: kayan karatu daga B2 zuwa B4, jimlarsu a B5, gine-gine daga B6 zuwa B8, jimlarsu a B9, babbar jimla a B10.

Abin da hannu ke saurin yi shi ne a goge lambar B5 a rubuta fomula a kanta. Ni dai ina ganin nan ne ake tafka babbar asara. Lambar da ta zo daga takarda ita ce kaɗai shaidar abin da mai lissafin farko ya samu, kuma da ita za a gane ko manhaja ta karanta sauran lambobin daidai. Don haka kafin a taɓa komai, a kwashe jimlolin ukun a kai su layin C, kowace daura da mazauninta, a sa wa layin suna "jimlar takarda". A ɗauko takardar a tabbatar da ido cewa su kansu an karanto su daidai. Lambobi uku ne, ba za su ci lokaci ba. Bayan haka ne za a rubuta wannan a B5:

```
=SUM(B2:B4)
```

A B9 a yi irinta da B6:B8. A layin D kuma a sa fomular da za ta cire jimlar takarda daga jimlar da kwamfuta ta tara:

```
=B5-C5
```

Idan komai ya tafi daidai, D5 zai nuna sifili. Idan bai nuna ba, to bambancin da ya fito shi ne zai kai mutum inda ɓarakar take, kuma nan ne daɗin aikin yake ga wanda ya iya karanta shi.

A misalinmu, a ce B5 ta ba da 223,700, bambanci ya zama 60,000 ƙasa da takarda. Lamba ɗaya ce da sifilai a bayanta, wato 6 a gurbin dubu goma-goma. Irin wannan bambancin yana nuna cewa lamba guda aka karanta ba daidai ba a wannan gurbi, kuma tazarar da ke tsakanin ta gaskiya da ta kuskure shida ce. Bakwai da ɗaya ke nan, waɗanda manhaja ta saba rikitawa idan tawada ta dusashe ko takarda ta sha naɗi. A leƙa B3 sai a tarar da 112,000 a madadin 172,000. A gyara, B5 ta koma 283,700 da kanta, D5 ya zama sifili.

A B9 kuma a ce an samu 409,000, saura 37,800 a cike. Wannan karon bambancin ya yi daidai da kuɗin layi guda cur, na ruwa da wuta. Alama ce cewa fomula ta tsallake layin baki ɗaya, alhali ga shi nan ana gani. Dalili shi ne manhaja ta karanta sifili ɗaya a matsayin harafin O, ta rubuta 37,8O0, Excel kuwa ya ɗauke shi rubutu. SUM ba ta tara rubutu, kuma ba ta yin ƙorafi, wucewa kawai take. Ana iya gane irin wannan akwati da ido, domin idan ba a sauya tsari ba lamba tana jingina da gefen dama, rubutu kuma da gefen hagu. Amma a jadawali mai tsawo gara a tambayi kwamfuta:

```
=COUNTA(B6:B8)-COUNT(B6:B8)
```

Ta farko tana ƙirga duk akwatin da ba fanko ba, ta biyu tana ƙirga masu lamba kaɗai. Idan amsa ta fito 1, akwai akwati guda da ke kama da lamba alhali rubutu ne. Wannan matsala ta fi addabar wanda ke karɓar takardu daga Maradi ko Damagaram, inda ake bin tsarin Faransanci: ana raba dubbai da fili, a rubuta 172 000, waƙafi kuma shi ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta. Kwamfutar da aka saita da Ingilishi takan ɗauki irin waɗannan duka a matsayin rubutu, sai an cire filayen. Masu Excel na Faransanci kuma SOMME za su rubuta a madadin SUM.

Akwai alama ta uku da tsofaffin akantoci suka sani tun zamanin littafin lissafi. Idan bambancin ya rabu da tara ba saura, a zargi lambobi biyu da suka yi musayar wuri. Wanda ya buga 36,200 a madadin 63,200 zai ga giɓin 27,000, kuma 27,000 sau uku ne na 9,000. Wannan ya fi faruwa idan mutum ne ya kwafa da hannu.

Sai babbar jimla, inda ake yawan faɗawa rami. Idan aka ja fomula daga B2 har B9, ko aka danna AutoSum ba a duba abin da ya kewaye ba, ana iya samun 1,461,000, wato ninki biyu daidai, saboda an tara kayan an kuma tara ƙananan jimlolinsu. A ƙaramin jadawali maganin shi ne =B5+B9. A jadawalin da ke da kashi goma ko ashirin kuwa, wannan hanya tana sa a manta da wani kashi. Gara a gina duka jimlolin da SUBTOTAL, domin ita ba ta ƙirga 'yar'uwarta idan ta same ta a hanya:

```
B5:  =SUBTOTAL(9,B2:B4)
B9:  =SUBTOTAL(9,B6:B8)
B10: =SUBTOTAL(9,B2:B9)
```

Lamba 9 da ke farko ita ce ke nufin tarawa. Sharaɗin shi ne ƙananan jimlolin su ma su zama SUBTOTAL. Idan aka bar ɗaya da SUM ko da lambar hannu, za a ƙirga ta sau biyu.

Iyakar da fomula ta kewaye ba abin wasa ba ne. A 2010 masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun fitar da wani nazari kan bashin ƙasashe da bunƙasar arziki wanda 'yan siyasa suka riƙa kafa hujja da shi. A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya karɓi jadawalinsu ya tarar da cewa, cikin wasu matsaloli, fomular fitar da matsakaici ta tsaya kafin ƙarshen jerin, ta bar ƙasashe biyar a waje. Fomula ce mai rai, amma ba ta kai inda ya kamata ba. Shi ya sa bayan rubuta kowace jimla yake da kyau a danna akwatin sau biyu a ga zanen da ya zagaye lambobin, a tabbatar ya kama na farko da na ƙarshe. Haka nan duk ranar da aka ƙara sabon layi a ƙarshen wani kashi, a sake dubawa, don ba kullum fomula ke faɗaɗa kanta ba.

Wani lokaci za a duba kowace lamba a ga ta dace da takarda, amma D ya ƙi zama sifili. Idan takardar ta gwamnati ce ko ta banki da aka rubuta a dubbai ko miliyoyi, giɓin ɗaya ko biyu a lambar ƙarshe yakan fito ne daga cike lambobi da aka yi kafin bugawa, ba kuskuren kowa ba ne. Idan giɓin ya fi haka, mai yiwuwa wanda ya shirya takardar ne ya tara ba daidai ba. Ko wanne ne, kada a taɓa wata lamba don lissafi ya daidaita, kada kuma a manna ƙari a wutsiyar fomula. A bar giɓin a fili, a rubuta bayani a gefensa, a kai wa shugaban makaranta ko mai binciken kuɗi su yanke hukunci. Ya kamata a sani kuma cewa sifili a D ba ya wanke komai da komai: kuskure biyu na iya cinye juna, ɗaya ya ƙara 5,000 ɗaya ya rage 5,000, kuma layin da ba shi da jimla a takarda, kamar na farashin guda, sai dai a bi shi da ido.

Kafin a rufe, a danna Ctrl tare da alamar ` don jadawalin ya nuna fomulolinsa a madadin amsoshi. Duk mazaunin jimla da ya nuna lamba zalla, an tsallake shi. A sake danna su a koma yadda ake. Sannan a ƙara 1,000 a kan kuɗin alli a ga ko B5 da B10 sun motsa tare, a mayar da Ctrl+Z. Idan ba su motsa ba, a duba Calculation Options ko yana kan Manual, a mayar da shi Automatic. Wajen adanawa kuma a zaɓi xlsx, domin fayil ɗin csv amsoshi kaɗai yake riƙewa, yana zubar da fomulolin duka.