Ƙa'idar sayin da ƙa'idar kosayin

Ƙa'idar sayin da ƙa'idar kosayin ƙa'idoji biyu ne na lissafi da ake amfani da su wajen gano tsawon gefe ko girman kusurwa a kowace irin alwatika, har da wadda ba ta da kusurwa mai digiri 90. Ana yi wa kusurwoyin alama da A, B, C, gefunan da ke fuskantarsu kuma da a, b, c. Nasiruddin al-Ɗusi ya bayyana ƙa'idar sayin a ƙarni na 13, shi kuwa Jamshid al-Kashi ya kawo ta kosayin a littafinsa Miftahul Hisab a shekarar 1427.

Ƙa'idojin

Ƙa'idar sayin: a / sin A = b / sin B = c / sin C

Ƙa'idar kosayin: a² = b² + c² − 2bc cos A

Idan A ta zama digiri 90, cos A sifili ne, sai ƙa'idar kosayin ta koma ƙa'idar Fitagoras.

Zaɓen ƙa'ida

Abin da ake fara dubawa shi ne ko an san wani gefe tare da kusurwar da ke fuskantarsa. Idan an san su, kuma an san ƙarin gefe ko kusurwa ɗaya, ƙa'idar sayin ce ta dace. Haka ma idan an san kusurwoyi biyu da gefe ɗaya, domin ana samun ta ukun ta hanyar cire jimillarsu daga 180. Idan kuwa gefe biyu aka bayar da kusurwar da ke tsakaninsu, ko gefuna uku babu kusurwa, da ƙa'idar kosayin ake farawa.

Misali, a ce b = 5, c = 8, A kuma digiri 60. Kusurwar tana tsakanin gefunan, don haka a² = 25 + 64 − 2 × 5 × 8 × 0.5 = 49, wato a = 7.

Matsalar amsa biyu

Ƙa'idar sayin na iya ɓoye amsa yayin neman kusurwa, saboda kusurwoyi biyu da jimillarsu ta cika 180 sayin ɗinsu ɗaya ne. A ɗauki a = 7, b = 10, A digiri 30. A nan sin B = 10 × 0.5 / 7, kimanin 0.714. Kalkuleta za ta nuna digiri 45.6 kawai, alhali 134.4 ma daidai ce, tunda idan aka haɗa ta da 30 ba su kai 180 ba. Ke nan alwatika biyu ne suka dace da wannan bayani. Hakan na iya faruwa ne idan gefen da ke fuskantar kusurwar da aka sani ya fi ɗayan gajarta.

Ƙa'idar kosayin ba ta da wannan matsala, domin kosayin na kusurwar da ta haura digiri 90 ƙasa da sifili yake. Shi ya sa idan an san gefuna uku, ake fara neman kusurwar da ke fuskantar gefe mafi tsawo da ita.